Huɗu Ko Sha Shida

Na girma a gidan da ake sauke murya idan an ambaci Injiniya. Mahaifina ya yi aikinsa gaba ɗaya a tashar watsa shirye-shiryen rediyo, ba inda ake magana a makirfo ba, can ɗakin injuna a gindin doguwar eriya. Aikinsa ya tsaya gaban mitocin da ke jikin bango ya karanta, Injiniya kuma ya ce a ƙara ko a rage. Har suka yi ritaya Baba bai taɓa murɗa wani abu a ɗakin nan ba sai da izininsa. Duk sallah sai ya sa babbar riga ya tafi gaishe shi, mu kuma a jere a bayansa. Shi ne ya sa baki aka ba Baba filin da muka gina gidanmu na Malali, kuma Baba bai bar kowa a cikinmu ya manta da haka ba.

Ni kuwa na fito da baki. Tun ina ƙarama ake ce mini idan na ga gaskiya ba na iya haɗiye ta ko da ruwa. Na karanta kimiyyar fiziks, na koyar a wata sakandaren 'yan mata ta wajen Rafin Guza shekaru masu dama, sannan ma'aikatar ilimi ta ba ni hutun ƙaro karatu na koma jami'a yin digiri na biyu. Hutun yana da wa'adi, kuma jami'in da ya sa mini hannu ya faɗa mini a fili cewa ba a ƙarawa. Ranar da ya ƙare, ko da digiri ko babu, aji zan koma.

Aikin da na zaɓa a kan gajeriyar eriya ne, 'yar sanda ta ƙarfe da ba ta fi kamu ɗaya da rabi ba. Tambayar ita ce: idan aka ƙara firikwansi, wato yawan kai da komon da cajin lantarki ke yi a cikin sandar a kowane sakan, da nawa ƙarfin da take watsawa zai ƙaru? Amsar tana cikin littattafai tun kafin a haifi kakana. Ni so nake in auna ta da kayan da muke da su, yadda malamin sakandare zai iya nuna wa ɗalibansa su gani da idonsu.

Ga yadda nake bayyana wa 'yan matan ajina abin. Caji yana zaune, kewaye da shi akwai filin lantarki da ya miƙe ta kowane gefe. Idan yana tsaye, ko yana tafiya miƙe da gudu iri ɗaya, ba ya watsa komai, filinsa yana biye da shi lafiya lau. Amma da zarar gudunsa ya canza, ya ƙara ko ya rage ko ya juya, sai a samu matsala, don labarin canjin ba ya isa nesa nan take, da saurin haske yake tafiya. Na kusa sun ji, na nesa ba su ji ba tukuna, sai filin ya lanƙwashe a tsakani, kamar yadda igiyar shanya ke yi idan ka fizgi bakinta. Wannan lanƙwasar ce ke tafiya ba ta dawowa, ɗauke da ƙarfi, ita ce igiyar rediyo, ita ce kuma haske. Girmanta daidai yake da tsananin canjin gudun.

Sauran lissafi ne na ninki. A ce cajin yana kai da komo tsakanin kan sanda da gindinta, sai ka ninka firikwansi biyu. Tazarar ba ta canza ba, lokacin ya koma rabi, don haka gudu ya ninka biyu. Wannan gudun da ya ninka dole a tsayar da shi a juya shi cikin rabin lokaci, sai canjin gudu ya ninka huɗu. Filin da ke fita ya ninka huɗu ke nan. Shi kuma ƙarfin da igiya ke ɗauka, fili sau fili ne, huɗu sau huɗu. Ka ninka firikwansi biyu, ƙarfi ya ninka sha shida. Da wannan dokar ce ma sararin sama ya zama shuɗi, don shuɗin haske ya fi ja saurin kaɗawa, iska ta fi warwatsa shi. Nan ne 'yan matan kan daina hira su leƙa taga.

Awon na yi shi a Katabu, a gonar yayan maigidana bayan an cire amfani, don a cikin gari kwanon rufi da wayoyin wuta ba sa barin mutum ya auna abin kirki. Mukan ɗora akwatin sigina da batir a bayan mota da safe, in kafa sandar a kan faffaɗan faranti na ƙarfe, in tafi can ƙarshen gona da na'urar auna fili da aka aro mini. Masu wucewa da kekuna suna tsayawa kallo. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko ruwa nake nema a ƙasa, ta ce idan na samu in tuna da unguwarsu. Na sha rana har na yi baƙi, amma sakamakon ya fito. Duk lokacin da na ninka firikwansi, filin yakan tashi kusan ninki huɗu. Bai cika cif ba, don ƙasa ma tana da nata tasirin, na kuma rubuta haka. Amma ko makaho ya shafa ya san a wajen ƙarfi sha shida ake nufi, ba huɗu ba.

Da lokacin kare kundin digirin a gaban kwamiti ya matso, sai aka ce mai jarrabawa na waje shi ne Injiniya. Bayan ritaya ya koma koyarwa a wata jami'a, kuma masu sanin eriya irinsa ba su da yawa a ƙasar nan. Ya sanar da sashe cewa ya san mahaifina, aka ce ba komai, kowa ya san ba ya sassauta wa ko ɗan cikinsa. Na yi murna da farko. Murnar ba ta daɗe ba, don ana saura kwanaki kaɗan Dokta, malamin da ke duba aikina, ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa.

"Malama, akwai magana," in ji shi. "Injiniya ya karanta, ya ce babi na huɗu kuskure ne. Wai ƙarfin gajeriyar eriya ninki huɗu yake yi idan an ninka firikwansi, ba sha shida ba. Yana ganin na'urar da kika aro ce ta yaudare ki."

Na ce, "To ai ka san ba haka ba ne, Dokta."

"Na sani. Amma ni a zauren nan ba ni da bakin magana, ƙa'ida ce. Shawarata, duk abin da ya faɗa ki ce kin ji za ki gyara. Haka kowa ke yi. Bayan an tashi sai mu bi shi a hankali."

Wannan shawarar ita ake ba kowane ɗalibi, kuma tana aiki idan gyaran na waƙafi ne ko na jerin littattafai. Nawa ba irinsa ba ne. Idan na amsa a gaban kwamiti cewa babi na huɗu kuskure ne, za a rubuta a sake awo a dawo wani zangon karatu. Na'urar aro ta riga ta koma wurin masu ita, damina ta sauka an shuka gonar, hutuna kuma ƙarshen zangon nan zai ƙare. Abin da aka rubuta aka sa hannu ba a bin sa a hankali. Na fito daga ofishin raina a ɓace, har ban amsa gaisuwar mai gadi ba.

Na san daga inda Injiniya ya fito, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don shi ma ba ƙarya ya faɗa ba. A ɗakin injunan da na sani tun ina yarinya, mitar da ake kallo ita ce ta karan, wato yawan wutar da ke kwarara cikin gindin eriya. Mutanen tasha da karan suke tunani, shi suke riƙewa wuri ɗaya su canza sauran. Idan ka riƙe karan ka ninka firikwansi, lallai ƙarfi ninki huɗu zai yi. Ni kuwa ba karan na riƙe ba, boltej na riƙe, wato matsin da ke tura wutar. Gajeriyar sanda kamar 'yar randa ce, boltej ɗaya caji ɗaya take ɗauka a kowane zuwa. Caji ɗaya yana kai da komo sau biyu a lokacin da dā yake yin sau ɗaya, karan ya ninka ke nan da kansa. Dokarsa da tawa doka ɗaya ce, kowa da abin da ya riƙe.

Da yamma na biya Malali na faɗa wa Baba, ina tsammanin zai taya ni jin haushi. Yana zaune a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida da 'yar rediyonsa a cinya. Ya kashe ta ya saurare ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata," ya ce, "mutumin nan shi ya koya wa rabin injiniyoyin Arewa eriya. Idan ya ce huɗu, ki sake dubawa."

"Na duba, Baba. Sha shida ne."

"To ko sha shida ne. Abu ɗaya nake roƙon ki. Kada ki tsaya gaban mutane ki ce masa bai sani ba. Idan kika yi haka, ni ba ni da fuskar da zan sake zuwa gidansa."

Na so in ce masa fuskarsa ba ita za ta dawo mini da shekara biyu na wahala ba. Maganar ta zo har bakina. Sai na dubi yadda yake kallona, na ga ba tsoro ba ne kawai, ƙauna ce ta shekara da shekaru. Na ce masa na yi alkawari ba zan ce bai sani ba. Ban yi alkawarin zan ce huɗu ba, shi ma ya lura, ya kalle ni ta saman tabarau ya kunna rediyonsa.

Ranar kare kundi na isa da wuri, na roƙi mai kula da ɗakin gwaji ya buɗe mini. Ɗakin yana jikin zauren da za a zauna. Na kafa sandar a kan farantinta, na haɗa akwatin sigina, na sa ƙaramar mitar karan a gindin sandar. A cikin ɗaki ba a auna fili, bango zai ɓata awon, amma karan ana iya aunawa ko a kicin. Na gwada, na ga abin da na san zan gani, na rufe da ƙyalle na tafi na gyara ɗaurin ɗankwalina.

Injiniya ya tsufa fiye da yadda na bar shi a sallar bara, amma muryar tana nan. Ya bar ni na gama bayanina bai katse ni ba. Sauran suka yi 'yan tambayoyinsu. Sannan ya buɗe babi na huɗu, ya cire tabarau ya ajiye a kai. Da Turanci ake yin zaman, amma abin da ya faɗa shi ne ya yi shekaru yana gina eriya, gajeru da dogaye, kuma duk mai aikin ya san turjiyar watsawa ta gajeriyar eriya, wato ma'aunin yadda take mayar da karan ya zama igiyar rediyo, ninki huɗu take yi idan an ninka firikwansi. Ya ce aikin yana da tsabta, an sha wahala, amma sakamakon ba zai tsaya ba. Ya tambaye ni ko na yarda a sake awon.

Dokta yana can gefe yana kallon takalminsa. Ɗaliban da suka zo kallo suna jiran in ce na ji zan gyara, don su ma abin da za su ce ke nan idan nasu ya zo. Ni kuwa ba ni da shakka. Na san abin da na auna.

Na ce, "Ranka ya daɗe, dokar da ka faɗa daidai ce, da ita na fara karatu. Ƙarfi shi ne karan sau karan sau turjiyar. Abin da nake roƙo, kafin a yanke, ka duba mini karan ɗin da idonka. Kayan suna ɗakin nan na kusa. Ka fi ni sanin mita."

Shugaban zaman ya fara cewa ba a saba yin haka ba. Injiniya ya ɗaga masa hannu. Ina jin babu tsohon ma'aikacin tasha da za a ce masa ga mita ya ƙi tashi. Ya miƙe da sandarsa, kwamiti duka suka biyo shi, ɗalibai suka cika bakin ƙofa.

Na yaye ƙyallen. Ya zagaya teburin yana duba haɗin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ja wata ya ga ko ta kama. A nan Turanci ya gudu, ya koma Hausarsa ta Zazzau.

"Wa ya yi miki wannan haɗin?"

"Ni na yi, ranka ya daɗe."

"Hm. Me kike riƙewa?"

"Boltej. Ga shi nan, ba zan taɓa shi ba. Ni zan murɗa firikwansi, kai ka karanta mini karan."

Ya sa tabarau ya sunkuya, ya karanta adadin da ƙarfi yadda ake yi a tasha don na nesa ya ji. Na murɗa a hankali har firikwansi ya ninka. Ya dubi boltej ya ga yana inda yake, ya dawo kan mitar karan. Ya karanta sabon adadin, amma wannan karon a hankali. Karan ya ninka, saura ƙiris.

"Mayar da shi," ya ce. Na mayar, karan ya sauko. "Sake." Na sake, ya sake hawa.

Ya miƙe tsaye yana kallon sandar, leɓensa yana motsi. Ban ce uffan ba, kuma wannan shirun shi ne aiki mafi wuya da na yi a digirin nan gaba ɗaya. Can sai ya ce, kamar da kansa yake magana, "Karan ya ninka biyu, huɗu ke nan. Turjiya ta ninka huɗu. Huɗu sau huɗu." Ya juyo ya dubi kwamiti. "Sha shida ne. Mu a tasha karan muke riƙewa, ita caji ta riƙe. Yarinyar tana da gaskiya."

Sannan ya juyo kaina da yatsa, don Injiniya ba ya barin wuri hannu rabbana. Ya ce duk injiniyan da ya ɗauki kundin nan zai yi tuntuɓe inda ya yi, saboda na ambaci boltej a layi ɗaya na wuce kamar ina gudun wani. Ya ce in ƙara shafi in jera dokokin biyu gefe da gefe, in nuna yadda ɗaya ke haifar ɗaya, in sa awon karan ɗin nan a ciki. Wannan gyaran na karɓe shi hannu bibbiyu, don ya ƙara wa aikin daraja, kuma daga baya a mako guda na gama shi. Aka koma zaure aka rubuta na ci, da ƙaramin gyara. Dokta ya riƙa gyaɗa kai kamar shi ya shirya komai.

Daga jami'a Malali na wuce kai tsaye. Na tarar da Baba a ƙarƙashin mangwaro da wankakkiyar riga da hula, kamar mai jiran baƙi, rediyon a kashe. Bai tambaye ni ko na ci ba.

"Me kika ce masa?"

Na ce ban ce masa komai ba sai abin da ya dace, kuma na ci. Ya ce alhamdulillahi, amma fuskarsa ba ta saki ba. Na gane bai yarda cewa ni, da bakin nan nawa, na fita daga wurin ban yi ɓarna ba. Abin ya sosa mini rai ƙwarai. Na shiga ciki wurin Inna na bar shi da tunaninsa.

Bayan la'asar muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama. Muryar kawai Baba ya ji ya miƙe har rediyon ta faɗi. A iya sanina Injiniya bai taɓa taka gidanmu ba tun ranar da aka aza harsashinsa, kullum mu ke zuwa. Baba ya rasa inda zai sa shi, ya ba shi kujerarsa, shi ya zauna a bakin tabarma. Na kawo ruwa na durƙusa na gaishe shi, na koma bakin ƙofa na tsaya inda zan ji.

Baba ya fara, "Yallaɓai, idan yarinyar nan ta yi wani abu na rashin kunya…"

"Rashin kunya?" in ji Injiniya. Ya sha ruwa ya ajiye kofin. "Shekara nawa ka yi kana karanta mini mita ina murɗawa?"

"Da yawa, Yallaɓai."

"To yau 'yarka ce ta murɗa, ni na karanta mata. Kuma abin da ta ce zan gani shi na gani. Na zo in faɗa maka da bakina, kada ka ji a wurin wani."

Baba ya sunkuya ya ɗauko rediyon daga ƙasa, ya riƙa goge ta da bakin rigarsa, ya goge gaba ya goge baya, alhali ba abin da ya taɓa ta. Na ga ruwa ya taru a idonsa, ni ma nawa ya kawo. Da ya ɗago, bai ce Uwata ba.

"Malama," ya ce, "ɗauko kujera ki zauna. Ki yi mini bayanin sha shidan nan tun daga farko."